An hana ni bizar karatu saboda asusun baffana: in yi afil ko in sake nema?

Assalamu alaikum Malam. Ina rubuto maka daga wani ƙauye a ƙasar Gumel. Na yi digirin farko a fannin noma, na gama hidimar ƙasa, sai wata jami'a a arewacin Ingila ta ba ni gurbin digiri na biyu na shekara guda. Kuɗin makaranta fam 16,000 ne, mun biya 4,000. Mahaifina ya rasu tun ina ƙarami, baffana ne ya riƙe ni. Yana fataucin shanu da riɗi, kuma takardar bankinsa na gabatar, da naira miliyan 52 a ciki. A ƙarshen Agusta aka hana ni biza. Sun ce asusun ba nawa ba ne kuma ba na mahaifi ba, sannan kuɗin sun sauka zuwa miliyan 41 na kwana uku. Shanu ya saya a Maigatari a ranar, kuɗin kuma sun dawo. Ejan ɗin da ya cike mini ya ce in kawo kuɗi ya yi mini afil, ko ya samo mini takardar banki ta haya. Kunyar baffa ta hana ni barci. Me zan yi?

Daga wani ɗalibi, Jigawa

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah Ya jiƙan mahaifinka, Ya saka wa baffanka da alheri.

Kada ka ba ejan ɗin nan ko sisi, a kan ko wanne daga cikin biyun da ya kawo maka. Na farkon asarar lokaci ne, na biyun kuma yana iya rufe maka ƙofar Birtaniya na shekara goma. Abin da ya dace da kai shi ne ka sake nema, da kuɗin a asusunka na kanka, bayan sun zauna kwana 28 ba wanda ya taɓa su. Hanin da aka yi maka yana cikin masu sauƙin gyara, domin ba a ce ka yi ƙarya ba, ba a kuma ce ba karatu ne zai kai ka ba.

Ɗauko takardar hanin ka sake karanta ta a tsanake, da biro a hannu. Za ka ga an ambaci sassan doka da haruffa da lambobi. Inda aka rubuta FIN 5.1, maganar wanda ya mallaki asusun ake yi. Inda aka rubuta ST 12.6, maganar kwana 28 ce. In da ka ga ST 5.1, to da an yi shakkar ko kai ɗalibin gaskiya ne, wannan kuwa ciwo ne daban mai magani daban. Ka duba sosai ko akwai inda aka yi amfani da kalmar deception ko false representations, wato zargin yaudara. Daga abin da ka rubuto babu, amma ka tabbatar da idonka, domin duk shawarar da zan ba ka a kan rashin wannan zargin na ɗora ta.

A wurinmu ƙanin uba uba ne, musamman wanda ya ɗauke ka tun kana maraya, ya ciyar da kai, ya kai ka makaranta. Dokar bizar karatu ta Birtaniya ba ta san wannan ba. Asusun da take karɓa shi ne naka, kai kaɗai ko na haɗin gwiwa da sunanka a ciki, ko na mahaifi ko mahaifiya, ko na wanda kotu ta naɗa mai riƙonka a hukumance. Baffa, kawu, yaya, gwaggo, uban gida, suruki, duk ba sa ciki, komai kusancinsu da kai, komai yawan abin da ke asusunsu. Haka asusun kamfani, ko da kamfanin na mahaifinka ne. Wani zai ce maka ka je kotu ka yi takardar rantsuwa cewa baffa ne ya rene ka. Takardar rantsuwa maganarka ce kai da kanka, ba hukuncin alƙali ba ce, kuma ba ita suke nufi da shaidar riƙo ba. Mutum irinka da ya gama jami'a ya yi hidimar ƙasa, ba hanyarsa ba ce ya tsaya neman a naɗa masa mai riƙo yanzu. Wannan kuskuren na ejan ne, domin abu ne da ke rubuce a fili, kuma duk wanda ya karɓi kuɗin mutane a kan wannan aiki ya kamata ya san shi tun ranar farko.

Maganar kwana ukun nan ita ce ta fi yi wa mutanenmu ciwo, don sun san kuɗin suna nan. Kuɗin ɗan kasuwa ba sa kwana wuri ɗaya. Ranar Alhamis a Maigatari mutum yana iya tura miliyan goma sha ɗaya kafin azahar, shanu su hau mota su nufi kudu, ranar Lahadi kuɗin su dawo da riba. A kasuwa wannan alamar ƙarfin jari ce. Amma jami'in biza ba ya kallon abin da ya shigo da abin da ya fita. Yana bin layin ragowar kuɗi ne rana bayan rana, ya nemo ranar da suka fi yin ƙasa a cikin kwana 28 ɗin. In a ranar nan sun gaza adadin da ake buƙata ko da da naira dubu ɗaya ne, magana ta ƙare. Ba a ba shi damar ya yi sassauci ba, ko da ya so. Shanun da ke kan mota, buhunan riɗin da ke sito, gonar fadama, fili a Dutse, hannun jari, duk ba sa shiga lissafi. Tsabar kuɗi ake so, a banki, waɗanda za a iya cirewa nan take.

To tunda dalilan biyu duka daidai suke a kan takarda, me za a je a yi wa afil? Asali ma bizar karatu ba ta da ɗaukaka ƙara zuwa gaban alƙali. Abin da ake da shi sunansa administrative review, wato wani jami'i daban a ma'aikatar ya sake duba aikin na farko. Ana biyan fam 80, kuma wanda ke wajen Birtaniya yana da kwana 28 daga ranar da ya sami hukuncin. Tambaya ɗaya tak mai bitar yake amsawa: shin jami'in farko ya yi kuskure a kan takardun da ke gabansa a ranar? Ba a karɓar sabuwar shaida don cike giɓin da mai nema ya bari. Ba za ka tura sabon sitatimen ba, ba za ka tura rasidin shanu ba. Takardar baffa ɗin nan dai za a sake buɗewa, a ga sunansa, a ga miliyan 41, a tabbatar da hukuncin. Kuma bitar tana cin watanni, ma'aikatar da kanta ta sha gargaɗin cewa tana iya kaiwa shekara. Sannan ba a haɗa biyu: da zarar ka shigar da sabuwar takardar neman biza, bitar da ka nema ta faɗi.

Akwai wanda bitar take yi wa amfani, kada ka ɗauka banza ce. Da a ce takardar jami'a ta nuna kun biya fam 4,000 amma jami'in ya yi lissafi kamar ba ku biya komai ba, wannan kuskurensa ne, kuma bita za ta gyara. Haka in ya auna ka da kuɗin zaman Landan alhali makarantarka tana arewa, ko ya ce ba ka haɗa wata takarda ba alhali tana cikin abin da ka ɗora. Wanda kuma aka zarga da yaudara bai yi ba, dole ne ya nemi bita, ya nemi lauyan da ya san dokar shige da ficen Birtaniya, domin a nan ne ake sauraron sabuwar shaida, kuma in ya yi shiru tabon zai bi shi duk inda ya sake nema. Kai ba ka cikin waɗannan.

Takardar banki ta haya kuwa, ina roƙonka don Allah ka nisance ta. Iri biyu ce. Akwai ta jabu tsantsa, wadda aka ƙera a kwamfuta da tambarin banki. Ofishin biza yana tuntuɓar bankuna don tantancewa, kuma ranar da banki ya ce bai san wannan takarda ba, hanin da zai biyo baya na yaudara ne, mai shekara goma. Ba za a saurari cewa ejan ne ya kawo ba, sunanka ne a kan fom. Akwai kuma wadda ake zuba maka kuɗin wani na wata guda a kulle, ka biya ruwa mai nauyi, a kwashe bayan an gama. Ita ma ka sa hannu ne a kan cewa kuɗin naka ne na karatu alhali ba naka ba ne, ga bashin ruwa a wuyanka. Kai da Allah Ya ba ka baffa mai halaliyarsa, ba ka da abin da zai kai ka wannan layin.

Yanzu mu yi lissafin abin da za ka nuna. Kashi biyu ne ake haɗawa. Na farko ragowar kuɗin makaranta na shekarar farko kamar yadda yake a takardar CAS, wato shaidar da jami'a take bayarwa cewa ta ɗauke ka. A wurinka fam 12,000 ne. Na biyu kuɗin zama. Tun daga 11 ga Nuwamba 2025, ɗalibin da zai yi karatu a wajen Landan yana nuna fam 1,171 na kowane wata har wata tara, wato fam 10,539. Na cikin Landan fam 1,529 ne a wata. In ka haɗa naka, fam 22,539 ke nan. Suna ɗaga adadin lokaci zuwa lokaci, don haka ranar da za ka fara ƙirga kwanaki ka buɗe shafin gov.uk ka ga na ranar da idonka.

Sai canji, inda mutane da yawa suke zamewa ba su sani ba. Ba farashin 'yan canjin Wapa ake bi ba, ba kuma na bankinka ba. Farashin shafin OANDA ake ɗauka, na ranar da ka shigar da takardar nema, wato ranar da ka biya kuɗin biza a intanet, ba ranar da ka je ɗaukar hoton yatsu ba. Mu ɗauka, don sauƙin lissafi, fam ɗaya naira 2,000 ne. Kana buƙatar naira miliyan 45 da dubu 78. To ka ajiye daidai wannan, ka jira kwana 28, ranar da za ka nema fam ya ƙara naira 50 kacal. Nan take ka gaza da fiye da naira miliyan ɗaya da dubu ɗari, kuma tunda da farashin ranar nema za a auna duk kwanakin da suka wuce, cikawa a ranar ba za ta cece ka ba, sai dai ka sake ƙirga daga farko. Saboda haka ka ɗora kamar kashi goma cikin ɗari a kai. A misalinmu, miliyan 50. In kuma bankinka zai buɗe maka asusun kuɗin waje ka ajiye fam ɗin kansa, ka huta da wannan fargabar gaba ɗaya.

Kafin kuɗin su motsa, je reshen bankinka da kanka, a Gumel ko Haɗeja ko Dutse, ka duba matakin asusunka. Asusun da yawancin ɗalibai suke buɗewa don karɓar alawus yana da iyakar abin da zai iya riƙewa, wani bai wuce naira dubu ɗari uku ba. Ka kai NIN da BVN da shaidar adireshi a ɗaga shi zuwa matakin da ba shi da iyaka. Ka yi amfani da babban bankin kasuwanci da aka sani, ka bar asusun manhajar waya da ƙananan bankuna don wannan aiki, domin doka ta ce in jami'i ya kasa tantance takarda daga wurin da ta fito, yana iya ƙin lissafa kuɗin. Ka kuma ajiye fasfonka kusa da takardar banki ka gwada sunayen harafi da harafi. Mu nan mutum ɗaya yana iya zama Muhammad a fasfo, Mohammed a banki, Mamman a takardar firamare, wani wurin da sunan garinsu a ƙarshe, wani wurin babu. A gyara na banki ya bi na fasfo tun yanzu. In mahaifiyarka tana raye, asusunta ma yana yi, amma sai an haɗa da takardar haihuwarka ta Hukumar Ƙidaya mai ɗauke da sunanta, da wasiƙar amincewarta. Kowace ƙarin takarda ƙarin wurin kuskure ce, shi ya sa na fi son naka.

Baffa ya turo kuɗin kai tsaye daga asusunsa zuwa naka, ba a bi ta hannun masu POS ba, ba a zuba tsaba kashi kashi ba, don a ga inda suka fito a layi ɗaya. Ya rubuta gajeriyar wasiƙa da sa hannunsa da kwanan wata, cewa shi ƙanin mahaifinka ne, ya ba ka wannan kuɗi kyauta don karatunka, kuma sana'arsa ke nan. In da Hausa ya rubuta, a haɗa da fassarar Turanci mai shaidar wanda ya fassara. Doka ba ta wajabta wannan wasiƙa ba in kuɗin suna asusunka. Amma matashin da asusunsa bai taɓa riƙe miliyan ɗaya ba, sai ga miliyan 50 rana guda, ana iya tambayarsa, kuma gara amsar ta riga tambayar isa.

Daga nan sai ƙirga. Ka ce kuɗin sun cika a asusun ranar 1 ga Oktoba. Kwana na 28 shi ne 28 ga Oktoba. Kada ka karɓi sitatimen a ranar, ƙara kwana biyu, ka karɓa ranar 30, wanda ya faro tun daga 1 ga wata, da sunanka da lambar asusu da sunan banki da ragowar kowace rana. Daga ranar ƙarshe da ke kan takardar kana da kwana 31 ka shigar da nema. In ka wuce, takardar ta tsufa, kuma wannan ma dalilin hani ne da ake yawan gani. Ni dai ina ba da shawarar a nema cikin mako guda. A tsawon kwanakin nan ka ajiye katin asusun a gida, ka cire shi daga duk wata manhaja da take zarar kuɗi da kanta. Kuɗin biza da na lafiya da na mota zuwa Abuja su fito daga wani wuri daban. Bayan ka nema ma ka bar kuɗin a inda suke har hukunci ya fito, ka kuma gaya wa manajan reshe cewa ana iya aiko musu da saƙon tantancewa, don kada ya kwana a akwatin imel ba wanda ya amsa.

Ka lura da watan da na ambata. Oktoba kaka ce, lokacin da riɗi yake fitowa, lokacin da ɗan kasuwa irin baffanka yake son kowace naira a hannunsa. A nan ne ainihin maganar take, kuma ita ce nake so ka zauna ka yi da shi, kai da shi, bayan sallar isha'i, ba a gaban mutane ba. Abin da kake roƙo a wannan karon ya fi na farko nauyi. Da takarda kawai ya ba ka, jarinsa yana ta juyawa. Yanzu jarin ne zai fita daga hannunsa a tsakiyar kasuwa. Kuma ka gaya masa gaskiya cewa kuɗin nan ba na nunawa a mayar ba ne, za a kashe su. Fam 12,000 na makaranta dole a biya su cikin shekarar, yawanci kashi biyu ko uku. Kada wani ya ruɗe ka da cewa in ka isa za ka yi aiki ka biya. Awa 20 a mako aka yarda ɗalibi ya yi aiki lokacin karatu. A mafi ƙarancin albashin 2025, fam 12.21 a awa, wannan bai kai fam 250 a mako ba, in ma ka sami aikin da wuri. Zai taimaka da haya da abinci, ba zai biya makaranta ba. A 2024, bayan faɗuwar naira, ɗaliban Najeriya a Jami'ar Teesside da suka kasa biyan kuɗin makaranta a kan lokaci an dakatar da su, wasu aka ce su bar ƙasar. In baffa ya ce zai iya bayan ya sayar da riɗi, to ku jira, ku nufi shigar Satumba mai zuwa. In ya ce rabin zai iya, gara ka sani yanzu ka nemi tallafin karatu ko makaranta mai sauƙi, da ka sani kana can cikin sanyi ba kowa. Game da kunyar da kake ji, mutumin da ya saba da kasuwa ya san ana faɗuwa a ciniki. Kai masa takardar, ka fassara masa dalilan biyu yadda suke. Zai fi samun natsuwa in ya ji cewa ba a ce dukiyarsa ta gaza ba, ba a kuma ce ɗansa ya yi ƙarya ba.

Tun kafin wannan zama, yau ɗin nan, rubuta wa ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'ar, daga imel ɗinka, ba ta hannun ejan ba. CAS sau ɗaya ake amfani da ita, wadda ka nema da ita ta mutu, sai sun ba ka sabuwa. Ba dole ba ne su bayar. Gwamnatin Birtaniya tana ƙirga wa kowace jami'a yawan ɗalibanta da aka hana biza, in ya yi yawa lasisinta na ɗaukar baƙi yana cikin haɗari, don haka suna taka-tsantsan da wanda aka taɓa hanawa. Abin da yake sa su yarda shi ne su ga ka fahimci abin da ya faru. Tura musu takardar hanin gaba ɗaya, ka faɗi dalilan biyu a layi uku, ka faɗi yadda za ka gyara da ranakun da ka tsara. Ka tambaye su ko kwas ɗinka yana da shigar Janairu, ko za su ɗage maka gurbin, da abin da zai faru da fam 4,000 ɗinku in an ɗage ko in ka fasa. Yawancinsu suna mayar da kuɗin ajiya in hani ba na yaudara ba ne, amma da wa'adin nema, kada ya wuce ka. Ka kuma roƙe su su duba sabon sitatimen ɗinka kafin ka shigar. Da yawa suna yin haka kyauta, kuma sun fi kowane ejan sanin abin da ake karɓa. In sabuwar CAS ta zo, ka duba ko fam 4,000 ɗin sun fito a kanta. In ba su fito ba, a gyara kafin ka nema.

Kuɗin bizar da ka biya sun tafi, ba a mayarwa, a 2025 fam 524 ne, kuma za ka sake biya. Amma kuɗin lafiya, wanda ake kira IHS, ana mayar da shi in an hana mutum. Fam 776 ne a shekara ga ɗalibi, kwas na shekara guda kuma yakan kama na shekara da rabi, fam 1,164. Kan katin da aka biya da shi suke komawa. In katin ejan ne, kuɗinka suna wurinsa ko suna hanya, ka bi shi da rasidi, kuɗi ne masu yawa. Ka karɓe imel da lambar sirrin da ya buɗe maka fom da su, da kwafin duk abin da ya ɗora da sunanka, ka karanta. Kana buƙatar sanin abin da aka faɗa a madadinka, domin duk abin da za ka rubuta a karo na biyu za a gwada shi da na farko. Takardar gwajin tarin fuka wata shida take yi, duba kwanan watan da ke kanta, dole ta kasance da rai ranar da za ka nema.

A sabon fom akwai tambayar ko an taɓa hana ka biza, ta Birtaniya ko ta wata ƙasa. Amsarka e ce. Ka rubuta wata da shekara da lambar takardar, da dalilin a taƙaice, da abin da ka gyara. Hani a kan kuɗi ba ya hana a ba ka a karo na biyu in takardunka sun cika. Ɓoye shi ne yake mayar da ƙaramin abu ya zama zargin yaudara, alhali hoton yatsunka yana wurinsu. Haka za ka amsa in wata rana ka nemi ta Kanada ko wata ƙasa.

Wanda aka taɓa hanawa ya shirya wa intabiyu, ko daga jami'a kafin ta ba da CAS, ko daga ofishin biza ta bidiyo. A nan ne ake faɗawa ramin ST 5.1. Ba haddar amsoshi ake so ba, mai tambaya yana gane hadda daga jimlar farko. Ka san sunayen darussan kwas ɗin da abin da kowanne ya ƙunsa, ka san wasu jami'o'in da ka duba da abin da ya sa ka bar su, ka san kuɗin haya a garin da nisan masaukinka da makaranta, ka iya bayanin abin da ka yi tun da ka gama hidimar ƙasa. In aka tambaye ka me za ka yi da digirin, kai kana da amsar da 'yan birni da yawa ba su da ita. Ka taso a gidan da ake sayen riɗi, ka san yadda danshi da tsakuwa da maganin ƙwari suke karya farashin buhu kafin ya kai ga masu fitarwa waje. Faɗi wane darasi a kwas ɗin ne ya taɓa wannan, da wurin da kake son yin aiki da shi in ka dawo. In aka tambayi wanda yake biya, ka ce baffanka ne, ka faɗi sana'arsa da yadda kuɗin suka zo asusunka, daidai da abin da ke cikin wasiƙarsa. Ka sami wanda ya iya Turanci, ko malaminka na jami'a, ya riƙa yi maka tambayoyin ta waya yana katse ka, har bakinka ya saba. In ranar ta zo, ka shiga gari inda sabis yake da ƙarfi, ka sami ɗaki shiru da caji a cike, kada layi ya yanke maka a tsakiyar amsa.

Ana karɓar nema tun wata shida kafin fara karatu, hukunci kuma yakan fito cikin mako uku bayan ɗaukar hoton yatsu. In Janairu kuka tsayar, takardarka ta shiga a farkon Nuwamba, don ko an kira ka intabiyu ko an tsaya tantance banki, lokaci bai ƙure maka ba.